Yadda ake zaro ambulan daga girgizar inji don gano boris da ya fara lalacewa

Boris da ya fara cin kansa ba ya yin ƙarar da kunne zai kama da wuri. Wani ɗan gurbi ne ke fitowa a jikin zoben, kuma duk sa'ad da ƙwayar boris ta bi ta kansa sai ta yi ɗan bugu. Bugun gajere ne ƙwarai, amma yana sa ƙarfen gidan boris ya yi amo a firikwensi mai tsayi, dubban Hz, wato dubban kaɗawa a daƙiƙa, amon ya mutu cikin 'yan milisakan, kowanne kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, sannan wani bugun ya sake tayar da shi. Ka tuna maƙeri yana dukan uwar maƙera. Akwai kaifin amon ƙarfen, akwai kuma saurin da guduma ke sauka. Amon ba ya gaya maka komai sai irin ƙarfen. Saurin saukar gudumar ne ke gaya maka abin da maƙerin yake yi.

A boris ma saurin bugun muke nema, domin shi ke nuna ko zoben waje ne ya ji ciwo, ko na ciki. Matsalar ita ce in ka ɗauki girgizar ka yi mata FFT kai tsaye, wato lissafin da ke rarraba igiya zuwa firikwensin da ke cikinta, ba za ka ga saurin bugun a inda kake tsammani ba. Ƙarfin yana can sama wajen amon. Sai ka fara zaro ambulan, wato layin da ke bin girman igiyar yayin da take kumbura tana sacewa, sannan ka yi wa ambulan ɗin FFT. Hanyar da ta fi tsafta wajen zaro shi ita ce ta siginar analitik, wadda Dennis Gabor ya gabatar a 1946.

Me ya sa sai an ƙaro wani ɓangare

Ɗauki igiya mafi sauƙi, x(t) = A cos(ωt). Girmanta A ne, ba ya canzawa. Amma in ka duba samfuri ɗaya tak, kana iya samun A, ko sifili, ko −A, gwargwadon lokacin da ka leƙa. Lamba ɗaya ba ta isa ta raba girma da kusurwa ba. Da a ce kana da abokiyar tafiyarta, A sin(ωt), da an gama, domin cos² + sin² = 1 a kowane lokaci, saboda haka tushen jimlar murabba'insu zai ba ka A a kowane samfuri.

Aikin kenan. Daga siginar zahiri x(t) za mu ƙero wata, y(t), wadda aka ja kowace firikwensi da ke cikinta baya da digiri 90 ba tare da an taɓa girmanta ba. Wannan y(t) ita ce juyin Hilbert na x(t). Sai mu haɗa su a lamba mai ɓangare biyu, inda j shi ne tushen −1:

```
z(t) = x(t) + j*y(t)
ambulan = |z(t)| = sqrt(x^2 + y^2)
```

Ga kosayin ɗinmu, z(t) ta zama A·e^(jωt), ɗigo da ke zagaya da'ira mai faɗin A daga tsakiya. Nisansa daga tsakiya shi ne ambulan, inda yake a kan da'irar ita ce kusurwa.

Akwai wata fuskar kallon abin, kuma ita ce kwamfuta ke bi. Kowace siginar zahiri tana da sifektiram, wato jerin ƙarfinta a kowace firikwensi, mai fuska biyu: abin da ke firikwensi +f yana da tagwai a −f. Kosayin ɗigo biyu ne masu rabin girma, ɗaya yana zagayawa hagu, ɗaya dama, kuma karonsu ne ke sa igiyar hawa da sauka. Ka goge mai zagayawa baya, ka ninka mai zagayawa gaba sau biyu, ka sami z(t). Ba a rasa komai ba, tunda rabin da aka goge kwafin ɗaya rabin ne.

Gwada shi da hannu tukuna

Kafin a taɓa laburare, samfuri huɗu sun isa mutum ya ga abin da idonsa. Ɗauki x = [1, 0, −1, 0], wato zagaye ɗaya na kosayin. FFT ɗinsa [0, 2, 0, 2] ne. Gurbi na farko na sifili Hz ne, na biyu shi ne firikwensi mai tafiya gaba, na uku shi ne iyakar Nyquist, wato rabin saurin ɗaukar samfuri, na huɗu shi ne tagwain baya. Ninka su da [1, 2, 1, 0], ka sami [0, 4, 0, 0]. Juya FFT ɗin baya, sai ga z = [1, j, −1, −j]. Ɓangaren zahiri shi ne x ɗinmu bai canza ba, ɓangaren j kuwa [0, 1, 0, −1], wato sayin. Girman kowane samfuri 1 ne, har a wuraren da x take sifili.

Lura da gurabe biyun da aka ninka da 1, ba da 2 ba. Sifili Hz da Nyquist ba su da tagwaye, don haka babu rabin da za a biya musu. In ka ninka su da 2, ɓangaren zahiri na z ba zai koma daidai da x ba. In adadin samfurori mara ne, babu gurbin Nyquist ma sam. Ga shi a Python:

```python
import numpy as np

def analitik(x):
    N = len(x)
    h = np.zeros(N)
    h[0] = 1
    h[1:(N + 1)//2] = 2
    if N % 2 == 0:
        h[N//2] = 1
    return np.fft.ifft(np.fft.fft(x) * h)
```

Abin da `scipy.signal.hilbert` ke yi kenan, haka ma `hilbert` na MATLAB. Sunan yana ruɗa masu farawa: dukansu biyu siginar analitik gaba ɗaya suke mayarwa, ba juyin Hilbert kaɗai ba. In y kake so, sai ka ɗauki `np.imag(z)`. Wanda bai san haka ba ya rubuta `x + 1j*hilbert(x)`, zai sami ambulan mai kaɗawa, kuma babu saƙon kuskure da zai faɗakar da shi.

Mataki na farko: lissafa abin da kake nema

Kada ka buɗe sifektiram kana farautar ƙololuwa ba tare da lamba a hannu ba, domin ido yana samun abin da yake so. Za mu yi aiki da boris 6205, irin wanda ke cikin sanannun bayanan gwaji na jami'ar Case Western Reserve a Amurka. Ƙwayoyinsa 9 ne, kaurin kowace milimita 7.94, faɗin da'irar da suke bi milimita 39.04. A gwajin da ba a ɗora wa injin kaya ba, yana juyi 1797 a minti, wato 29.95 a daƙiƙa, kuma an ɗauki girgizar samfuri 12000 a daƙiƙa.

```
zoben waje: (n/2) * fr * (1 - d/D)
zoben ciki: (n/2) * fr * (1 + d/D)
```

A nan n adadin ƙwayoyi ne, fr juyin sanda a daƙiƙa, d kaurin ƙwaya, D faɗin da'irarsu. An ɗauki kusurwar haɗuwa a matsayin sifili, wanda ya dace da irin wannan boris in ba a tura shi ta tsawon sanda ba. Rabon d/D ya kama 0.2034. Zoben waje ya ba da 3.585 sau fr, wato 107.4 Hz. Zoben ciki ya ba da 5.415 sau fr, wato 162.2 Hz.

Waɗancan lambobi na wutar 60 Hz ne. A Najeriya da Nijar wutar 50 Hz ce, injin lantarki mai fol huɗu yakan yi juyi wajen 1450 a minti, sai boris ɗin ya ba da kusan 86.6 Hz a waje da 130.9 Hz a ciki. Auna juyin da kanka in kana da na'urar, kada ka dogara da abin da aka buga a jikin injin, musamman in a kan janareta yake.

Mataki na biyu: ƙera siginar da ka san amsarta

Ina ba kowa shawarar ya fara da siginar ƙirƙira. In hanyarka ta kasa gano ciwon da kai ka dasa, ba za ta gano na gaske ba.

```python
fs = 12000
t = np.arange(2*fs) / fs
bugu = np.zeros(t.size)
bugu[np.round(np.arange(0, 2, 1/107.4)*fs).astype(int)] = 1
amo = np.exp(-800*t[:120]) * np.sin(2*np.pi*3000*t[:120])
x = np.convolve(bugu, amo)[:t.size]
x += 2*np.sin(2*np.pi*29.95*t) + 0.2*np.random.randn(t.size)
```

Bugu 107.4 a daƙiƙa, wato tazarar kusan milisakan 9.3 tsakanin kowane biyu. Kowane bugu yana tayar da amo na 3000 Hz da ke mutuwa tun kafin na gaba ya iso. A kai mun ɗora girgizar juyin sanda mai girma 2, ninki biyu na bugun, da kuma hayaniya. Haka injin gaske yake: rashin daidaiton nauyi yakan fi ciwon boris ƙarfi nesa ba kusa ba.

Mataki na uku: tace kafin ka zaro

Nan ne aikin ke gyaruwa ko ya lalace, kuma nan ne aka fi yin gaggawa. Lissafin |z| ba ya ƙin kowace sigina. Duk abin da ka ba shi zai mayar maka da layi. Amma layin ba ya zama ambulan mai ma'ana sai siginar tana da siffar a(t)·cos(ωt), inda a(t) ke canzawa a hankali, kuma firikwensinsa duka suna ƙasa da na igiyar da ke ɗauke da shi. Wannan sharaɗi shi ne ka'idar Bedrosian ta 1963: in sifektiram ɗin biyun ba su hau kan juna ba, juyin Hilbert zai bar a(t) yadda yake ya juya kosayin kaɗai.

Duba abin da zai faru da siginarmu in ba a tace ba. Babban ɗigo mai girma 2 yana zagayawa a hankali, ƙaramin ɗigon amo yana zagayawa da sauri a kansa. Nisan jimlarsu daga tsakiya zai tsaya kusa da 2, yana ɗan rawa a kusan 2970 Hz, bambancin firikwensin biyu. Ambulan ɗin ya zama na juyin sanda, bugun da muke nema ya ragu ya koma ɗan ɓurɓushi. Ko ƙaramin tudu na dindindin ma yana yin wannan ɓarna. Ƙara 0.2 a kan kosayin mai girma 1, sai ambulan da ya kamata ya miƙe a 1 ya riƙa kai-komo tsakanin 0.8 da 1.2. Alamar da za ka gane ita ce wannan: duk lokacin da ambulan yake kaɗawa da saurin igiyar da ke cikinsa, akwai wani baƙo a siginar.

Maganin shi ne filta mai barin zango ɗaya kawai, wanda ya kewaye amon.

```python
from scipy.signal import butter, sosfiltfilt, hilbert

sos = butter(4, [2000, 4000], btype='bandpass', fs=fs, output='sos')
xf = sosfiltfilt(sos, x)
```

`sosfiltfilt` yana bi ta siginar gaba sannan baya, don haka bugun ba ya gocewa daga lokacinsa. Faɗin zangon ma yana da lissafi. Saurin bugun yana zaune ne a gefe biyu na amon, a 3000 ± 107, 3000 ± 215, da haka. In ka matse filta ya zama 100 Hz a kowane gefe, ka yanke ainihin abin da kake nema da hannunka. Bar wurin da zai ɗauki aƙalla ninki uku na firikwensi mafi tsayi da kake zargi. Ga zoben ciki, uku sau 162 ya kusa 490 Hz a kowane gefe, saboda haka zangon kada ya gaza 1000 Hz. Namu 2000 Hz ne, da sauran sarari.

A siginar ƙirƙira mun san amon yana 3000 Hz. A injin gaske sai an nemo shi. Duba sifektiram ɗin girgizar, ka nemi tudu mai faɗi a sama, ba siririn layi ba. In kana da tsohon awo na lokacin da injin yake lafiya, zangon da ya fi tashi tsakanin awon biyu shi ne wurin. Akwai kuma hanyar kurtogiram ta Jérôme Antoni, wadda ke gwada zanguna da yawa ta zaɓi wanda siginarsa ta fi kama da bugu-bugu. Tana da amfani, amma bugu guda na kuskure, misali wani ya taɓa wayar na'urar lokacin awo, yana iya jan ta zuwa zangon banza. Ni dai na fi yarda da ita in ta dace da abin da ido ya gani a sifektiram.

Mataki na huɗu: zaro, ka yanke gefuna

```python
env = np.abs(hilbert(xf))[1200:-1200]
env = env - env.mean()
```

FFT yana ɗaukar siginarka kamar ƙarshenta ya haɗu da farkonta a zobe. In ba su dace ba, akwai tsalle a mahaɗar, kuma juyin Hilbert yana baza tasirin tsallen zuwa cikin siginar ta gefe biyu. Za ka ga ambulan ya yi ƙaho a farko da ƙarshe. Filtan ma yana da nasa ruɗanin a gefuna. Mun zubar da samfuri 1200 kowane gefe, kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, wanda ya fi abin da ake bukata a nan. Yanke bayan an zaro ambulan, ba kafin ba, in ba haka ba ka ƙirƙiri sababbin gefuna ne kawai.

Ambulan ba ya sauka ƙasa da sifili, don haka matsakaicinsa babba ne. Shi ya sa muka cire shi, kada ya danne ƙananan firikwensi a mataki na gaba. Amma kafin ka cire, zana `xf[1200:-1200]` da ambulan a hoto ɗaya, ka faɗaɗa wajen milisakan 50. Ya kamata ka ga bugu biyar, ambulan yana tashi da sauri yana sauka a hankali, yana shafar kan igiyar ba ya ratsa ta. Wannan kallon yana kama rabin kurakuran da ake yi.

Mataki na biyar: karanta sifektiram ɗin ambulan

```python
E = np.abs(np.fft.rfft(env * np.hanning(env.size)))
f = np.fft.rfftfreq(env.size, 1/fs)
print(f[np.argmax(E)])
```

Zai buga kusan 107.2, ba 107.4 ba, kuma ba kuskure ba ne. Daƙiƙa 1.8 suka rage bayan yankan, don haka tazarar gurabe 1/1.8 ce, wato kusan 0.56 Hz, kuma 107.2 shi ne gurbi mafi kusa. In ka zana E daga sifili zuwa 500 Hz za ka ga wasu layuka a wajen 215 da 322, kowane ya gaza na gabansa. Jerin ninke-ninken nan shaida ce da ta fi layi ɗaya ƙarfi, domin bugu mai kaifi dole ya haifar da su.

A injin gaske ƙwayoyin suna ɗan zamewa, saboda haka layin yakan goce daga lissafi da kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari. Zamewar ce ma ke sa FFT na kai tsaye ya kasa: a can sama wajen ninki na 28, ɗan bambancin lokaci ya isa ya dama layukan su zama tudu ɗaya, alhali a ambulan ninki na farko da na biyu suna nan da kaifinsu. Siginarmu ta ƙirƙira ba ta da zamewa, don haka ta fi ta gaske ladabi. In kana son gwaji mai tsauri, ƙara wa lokacin kowane bugu ɗan kauce-kauce.

Ciwon zoben ciki yana da tasa alama. Zoben yana juyawa tare da sanda, gurbin yana shiga wurin da nauyi ya danne yana fita sau ɗaya a kowane juyi, sai ƙarfin bugun ya riƙa hawa da sauka. Za ka ga 162.2 da 'yan rakiya a 132.2 da 192.1, tazarar juyin sanda a kowane gefe, har da layi a 29.95 kansa. Zoben waje a tsaye yake, yawanci ba shi da waɗannan 'yan rakiya.

Yi hattara da layin da ke ninki biyu na firikwensin wuta, 100 Hz a wajenmu. Daga maganaɗisun injin yake fitowa, ba daga boris ba, kuma yakan bayyana a ambulan. In lissafin boris ɗinka ya faɗo kusa da shi, tsawaita awon zuwa daƙiƙa 10 don tazarar gurabe ta koma 0.1 Hz. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne a ci gaba da awo a kashe wutar: layin lantarki zai ɓace nan take, na boris kuwa zai riƙa sauka tare da juyin.

Inda lissafin ke yaudara

|z| ba ya sanin alamar ragi. Haɗa sauti biyu masu girma ɗaya, 440 Hz da 444 Hz. A lissafi wannan 2cos(2π·2t) ne yana ɗauke a kan 442 Hz, mai canzawa sau 2 a daƙiƙa. Amma ambulan zai nannaɗe rabin da ke ƙasa ya mayar da shi sama, ka ga kumburi 4 a daƙiƙa, da kaifafan kusurwoyi a inda ya taɓa sifili. Kusurwoyin suna haifar da layuka a 8, 12 da sauransu, waɗanda babu su a siginar asali. Ma'anar wannan ga mai duba boris ita ce layuka biyu na giya ko na inbata da suka faɗo cikin zangon filtarka za su ba ka ƙololuwa a bambancinsu, har da jerin ninke-ninke mai kama da na bugu. Shi ya sa da yawa suka fi son murabba'in ambulan, `np.abs(z)**2`. Ga sautukan nan biyu yana ba da layi ɗaya tak a 4 Hz, ba ƙari. In ninke-ninken da ka gani sun ɓace da ka koma murabba'i, ba bugu ba ne.

Hanyar FFT tana bukatar siginar duka a hannu. In a kan ƙaramar na'ura kake aiki, samfurori suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, sai ka yi amfani da filtan FIR na Hilbert mai tsawon mara, L. Yana jinkirta y da samfuri (L−1)/2, don haka dole ka jinkirta x da daidai wannan adadi kafin ka haɗa su. A gwajinmu zagaye ɗaya na 3000 Hz samfuri 4 ne kacal, wato kuskuren samfuri ɗaya digiri 90 ne cur. Ɓangarorin biyu za su hau kan juna, ambulan ya riƙa faɗuwa zuwa sifili sau biyu a kowane zagaye. Gwada filtan da kosayin mai tsafta a tsakiyar zangonka kafin ka ɗora shi a kan inji, ka tabbata fitowar ta miƙe.